Daren da GitLab ya goge rumbun bayanansa, da rahoton da ya biyo baya

Da misalin ƙarfe 11 da rabi na dare agogon GMT, ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya ba kwamfuta umarnin ta goge wata folda. A zatonsa yana kan sabar da ke riƙe da kwafi ne, ashe yana kan babbar sabar da dukan aikin kamfanin ke kanta. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da farga ya tsayar da umarnin, amma aikin gama ya gama: kimanin gigabayit 300 na bayanai sun tafi, abin da ya rage bai kai gigabayit 5 ba. Shafin GitLab.com, inda masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya ke ajiye ayyukansu suna aiki tare, bai dawo daidai ba sai wajen ƙarfe 6 na yammacin washegari.

Irin wannan tsayuwar ba baƙon abu ba ce. Idan aka ce wa mutum a banki "babu netwok, sai anjima", wani lokacin ba igiyar sadarwa ce ta katse ba, rumbun bayanai ne ya tsaya, wato manhajar da ke riƙe da sunan kowa da lissafin kowa. Kuma bayan an gyara, akwai wani aiki da jama'a ba sa gani: wanda ya kwana yana gyaran zai zauna ya rubuta wa manajansa rahoto, ya faɗi abin da ya faru, da dalili, da yadda aka gyara, da abin da zai hana a sake. Galibin waɗannan rahotanni a cikin kamfani suke ƙarewa. GitLab ya fitar da nasa fili ranar 10 ga Fabrairun 2017, tare da neman afuwa daga shugaban kamfanin na lokacin, Sid Sijbrandij, shi ya sa muke da damar duba yadda ake gina irin wannan takarda daga ciki.

Manaja ba lallai ne ya san harkar rumbun bayanai ba, kuma da safe akwai masu jiransa: shugabansa, da kwastomomi, wataƙila har da lauya. Saboda haka sakin layi na farko nasa ne, kuma ya kamata ya iya karanta shi kaɗai ya shiga taro. Da a ce ni ne zan rubuta na wannan daren, ga yadda zan fara:

"Yallaɓai, shafinmu ya tsaya kimanin awa 18, daga 11:30 na daren 31 ga Janairu zuwa 6:00 na yammacin 1 ga Fabrairu, agogon GMT. An goge babban rumbun bayanai bisa kuskure ana tsakiyar gyaran kwafinsa. Mun dawo da shi daga wani hoto da aka ɗauka da ƙarfe 5:20 na yamma, don haka abin da jama'a suka shigar cikin kusan awa 6 da suka biyo baya ya ɓace, ba zai dawo ba: ayyuka kimanin 5,000, sharhi kimanin 5,000, da sababbin asusu kimanin 700. Ainihin lambobin manhaja da mutane suka ajiye ba su taɓu ba, domin ba a cikin wannan rumbu suke ba. Abin da ya tsawaita matsalar shi ne, hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana da muka dogara da su ba sa aiki, kuma ba mu sani ba."

Kalmomin nawa ne, alƙaluman na GitLab ne. A lura cewa lokaci iri biyu aka ambata, kuma ba ɗaya suke ba. Awa 18 tsawon lokacin da ƙofa take rufe ne. Awa 6 kuwa faɗin ramin da aka bari a cikin bayanai ne. Wanda aka hana shiga zai yi fushi ya dawo gobe, amma wanda ya rubuta aikinsa aka ce masa an karɓa, sannan ya dawo ya tarar babu, wannan sai an neme shi an yi masa bayani. Rahoton da ya ce "an samu tangarɗa ta awa 18" ya yi shiru a kan awa 6 ɗin ya ɓoye wa manaja rabin da ya fi ciwo. Haka kuma faɗin abin da bai taɓu ba yana da amfani daidai da faɗin abin da ya taɓu, domin idan ba a faɗa ba, jita-jita za ta cike gurbin.

Daga nan sai jerin lokuta, kuma a nan ne mai rubutu ya fi buƙatar haƙuri. A zaɓi agogo ɗaya a tsaya a kansa. Ma'aikatan GitLab a ƙasashe daban-daban suke zaune, kowa da ƙarfensa, don haka rahoton ya bi agogon UTC, wanda a aikace daidai yake da GMT ɗin da masu sauraron rediyo suka saba ji. Kuma lokutan ba daga ka ake ciro su ba. Daga bayanan da kwamfutocin ke rubutawa da kansu ake ɗauko su, da saƙonnin da ma'aikata suka aika wa juna a daren, domin mutumin da ya kwana cikin tashin hankali ba ya riƙe minti daidai.

Kafin a gane jerin na GitLab, sai an san yadda rumbun yake zaune. A lokacin suna amfani da manhajar PostgreSQL a kan saba biyu. Ta farko ita ce mai karɓar duk wani rubutu. Ta biyu tana gefe tana kwafa, domin idan ta farko ta mutu a juya kanta. Kwafar tana tafiya ne kamar ɗan kasuwa mai rubuta kowane ciniki a ƙaramar takarda kafin ya shigar da shi babban littafi, yaronsa kuma yana tsintar takardun ɗaya bayan ɗaya yana cike nasa littafin. Idan ciniki ya yi yawa yaron ya tsaya baya, kuma maigidan ya zubar da tsofaffin takardu kafin yaron ya kai kansu, to littafin yaro ya tashi aiki, sai dai a share shi a sake kwafo babban littafin tun daga shafin farko. Waɗannan takardu su ake kira `WAL` a PostgreSQL, kuma a lokacin GitLab ba ya adana tsofaffinsu a wani wuri.

Abin da ya faru ke nan. Wajen ƙarfe 7 na yamma nauyi ya yi wa rumbun yawa. Da farko an ɗora alhakin a kan masu turo saƙonnin banza. Daga baya aka gano akwai wani dalili na biyu: wani ɗan neman fitina ya kai ƙarar asusun wani ma'aikacin kamfanin, aka sa asusun cikin jerin waɗanda za a cire bisa kuskure, sai tsarin ya shiga goge shi da tarin bayanan da ke rataye da shi. Wajen ƙarfe 11 saba ta biyu ta tsaya baya har ta rasa takardun da take buƙata. Mafita ɗaya ce, a share foldar bayananta a sake kwafowa da wata manhaja mai suna `pg_basebackup`.

Injiniyan ya share, ya kunna kwafar, ta ƙi tafiya. Aka ƙara adadin hanyoyin aika kwafi, `max_wal_senders`, daga 3 zuwa 32. Da aka zo sake kunna PostgreSQL sai ta ƙi tashi, har sai da aka rage wani saitin, `max_connections`, daga 8000 zuwa 2000. Aka sake kunna kwafar, ta yi tsit, ba ta ce ga matsala ba, ba ta nuna tana aiki ba. Gaskiyar magana jira take yi babbar sabar ta shirya, abin da kan iya ɗaukar mintuna, amma takardar jagorar aiki ta kamfanin ba ta faɗi haka ba. Injiniyan ya zaci ragowar fayilolin yunƙurin baya ne suka tare hanya, ya ce bari ya sake share foldar. Ga sunayen sabobin biyu kamar yadda suke a allo:

```
db1.cluster.gitlab.com
db2.cluster.gitlab.com
```

Lamba ɗaya ce ta raba su. Dare ya yi, kuma bayanan da kamfanin ya riƙa wallafawa a lokacin sun nuna mutumin ya riga ya ce zai tashi aiki tun da farko, matsalar kwafar ce ta tsayar da shi. Ya share ta `db1`. Ta `db2` kuwa shi da kansa ya share ta ɗazu bisa ƙa'ida. Saba biyu, babu mai komai.

A nan ne rahotanni da yawa ke sauka daga hanya. Abu mafi sauƙi shi ne a rubuta "dalili: kuskuren ma'aikaci", a ba shi takardar gargaɗi, a rufe fayil. Manaja zai ji daɗi domin ya samu amsa gajera, kuma amsar ba ƙarya ba ce. Sai dai ba ta da amfani. Idan an kori wannan injiniya, wanda zai gaje shi zai tarar da sabobi masu suna kusan iri ɗaya, da manhaja mai shiru, da jagorar da ba ta cika ba, kuma shi ma wata rana dare zai yi masa. Ga wata illa kuma: ranar da ma'aikata suka ga an hukunta wanda ya ce "ni ne", daga ranar kowa zai koyi ɓoyewa, kuma mintunan da ake ɓatawa kafin wani ya faɗi gaskiya su ne mafi tsada a lokacin gyara. Rahoton ƙarshe na GitLab bai kama sunan kowa ba, "wani injiniya" kawai ya ce.

Abin da suka yi shi ne raba tambaya gida biyu. Me ya sa shafin ya faɗi? Me ya sa tayar da shi ya ci awa 18? Kowace tambaya suka bi ta da "me ya sa" a kan "me ya sa", dabarar da aka fi dangantawa da kamfanin motoci na Toyota, har aka kai inda amsar ta daina zama hannun mutum ta koma tsari. A ganina tambaya ta biyu ce zuciyar rahoton. Goge rumbu bisa kuskure abu ne da zai iya samun kowane kamfani. Da ajiyar ko-ta-kwana tana nan lafiya, da labarin bai kai haka ba.

To ina ajiyar? A kan takarda, GitLab yana da hanyoyi har biyar na ajiya da kwafa. Da aka zo nema, babu wadda ta tsaya da ƙafarta. Kwafar kai-tsaye zuwa saba ta biyu mun ga yadda ta ƙare, kuma dama ita ba maganin gogewa ba ce, maganin mutuwar na'ura ce: wanda ya goge bayani daga cikin rumbu, kwafin ma bin sahu yake ya goge nasa. Hoton faifai na kamfanin Azure, inda sabobin suke haya, an kunna shi ga sabobin fayiloli amma ba a kunna shi ga na rumbun bayanai ba, domin an ɗauka sauran hanyoyin sun wadatar.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ajiyar kullum. An tsara cewa kowace awa 24 manhajar `pg_dump` za ta kwashe rumbun ta kai ma'ajiyar Amazon S3. Da aka buɗe ma'ajiyar, wayam. Dalili kuwa, rumbun yana kan PostgreSQL 9.6, ita kuma `pg_dump` ɗin da ke gudana ta 9.2 ce, kuma tsohuwa ba ta yarda ta kwashe sabon rumbu, sai ta ba da saƙon kuskure ta tsaya. To me ya sa ba wanda ya ji? An tsara idan aikin ya gaza a aika imel. Imel ɗin yana fita, amma ba ya ɗauke da hatimin tantancewa da tsarin `DMARC` ke nema, sai sabar da ke karɓa ta riƙa mayar da shi. Ajiya tana gazawa, ƙararrawar da za ta faɗa ita ma tana gazawa, kowa kuma ya ɗauki shirun a matsayin lafiya. Da suka ci gaba da tambayar me ya sa ba a taɓa gwada dawo da ajiyar ba, amsar da suka rubuta gajera ce: babu wanda aka ɗora wa wannan alhakin. Wannan jimla ita ce ya kamata manaja ya ja wa layi, domin ita kaɗai ce a duk rahoton injiniya ba zai iya gyarawa da kansa ba. Raba aiki na manaja ne.

Abin da ya ceci kamfanin sa'a ce, kuma rahoton kirki yana faɗin inda aka taki sa'a, don kada a lissafa ta cikin tsari. Akwai hoton rumbu da ake ɗauka sau ɗaya a rana don cika sabar gwaji, ba don ajiya ba. A wannan yammacin, da ƙarfe 5:20, injiniya ya ɗauki wani hoton da hannunsa saboda wani gwaji da yake son yi da sabbin bayanai. Ba don haka ba, da hoton da za a koma kansa ya kai kusan kwana guda da tsufa, ramin ya ninka sau huɗu.

Sashen gyara ba ya buƙatar tsawo, amma dole ya amsa tambayar da ke cin manaja: tunda akwai kwafi, me ya hana a dawo cikin awa ɗaya? Amsar tana cikin faifai. Sabar gwajin an ɗora ta a kan faifai masu arha marasa sauri don rage kuɗi, kuma gudunsu bai wuce kimanin megabit 60 a daƙiƙa ba. Mai karatu zai iya lissafin da kansa: wannan gudu yana kwashe kimanin gigabayit 27 a awa, ke nan gigabayit 300 sun haura awa 11 ko da komai ya tafi sumul. Babu ƙwarewar da za ta sa faifai ya yi gudun da ba shi da shi, sai zaman jira. A cikin jiran ne suka buɗe hoton bidiyo kai-tsaye a YouTube, mutane kusan 5,000 suna kallon aikin a lokaci guda. Wannan dabi'ar GitLab ce, ba kowane kamfani za ta karɓa ba, banki kam ba zai yi ba.

Akwai ƙananan matakai biyu da suka cancanci shiga rahoto domin suna nuna an yi gyaran da lura. Wasu bayanai na haɗa GitLab da manhajojin waje ana cire su da gangan duk lokacin da aka cika sabar gwaji, don haka sai da aka ciro su daban aka mayar. Sannan aka tura lambobin da rumbu ke raba wa sababbin abubuwa gaba da 100,000. Dalilin shi ne, a cikin awa 6 ɗin da suka ɓace an riga an raba wa mutane lambobi, kuma da an sake raba su, wata tsohuwar mahaɗa da wani ya ajiye za ta iya buɗe abin wani daban.

Saura rigakafi, inda ake gane rahoton da aka rubuta don a yi aiki da wanda aka rubuta don a huta. "Za mu ƙara kula" ba mataki ba ne. "Za a horar da ma'aikata" ma kusan haka yake, muddin ba a ce a kan me ba. Matakin gaske abu ne da za a iya dubawa bayan wata guda a ce an yi ko ba a yi ba, kuma ya kamata a iya jan zare daga kowane mataki zuwa wani dalili da aka ambata a sama. Na GitLab haka suke. Sunaye masu kama da juna: a sauya alamar da ke bayyana a allon umarni ta yadda babbar saba za ta bambanta a ido. Ajiyar da ta mutu shiru: a sa ta cikin tsarin sa-ido na Prometheus, yadda rashin sabuwar ajiya da kansa zai nuna, ba sai an jira imel ba. Ramin awa 6: a riƙa ɗaukar hoto duk awa, a kuma fara adana `WAL` a waje, abin da ke ba da damar mayar da rumbu daidai mintin da ke gaban ɓarna. Sai kunna hoton faifai na Azure ga sabobin rumbu, da gyara jagorar aiki, da gwajin dawo da ajiya da zai riƙa gudana da kansa, da kuma naɗa mutum guda da alhakin dorewar bayanai ke wuyansa. Kowane mataki sun buɗe masa lamba a fili inda za a iya bin sa.

Ba duka matakan ke da nauyi ɗaya ba, kuma rahoton da ya jera su a layi ɗaya bai taimaki mai yanke shawara ba. Sauya alamar allo aikin ɗan lokaci ne, ba ya cin ko sisi, amma ido mai barci yana iya tsallake ja kamar yadda ya tsallake lamba. Gwajin dawo da ajiya shi ne mai tsada, yana buƙatar saba ta musamman da lokacin ma'aikata, kuma shi ne wanda da yana nan da ya tona ma'ajiyar da babu komai tun kafin wannan dare. Ya kamata mai rahoto ya faɗa wa manaja wanne ne zai yi da kansa gobe, wanne ne ke jiran sa hannu da kuɗi, nawa ne kuɗin, kuma me za a rasa idan aka ce a'a. Faifai masu arha na sabar gwaji ma shawarar kuɗi ce da aka yanke a baya, sai a wannan daren aka ga farashinta.

Wasu kan ce rubuta duk wannan tona wa kai asiri ne, gara a taƙaita. Hujjarsu ba ta banza ba ce, domin akwai wuraren aiki da gaskiya ke cin mai faɗinta, kuma tsarin rahoton da ba ya neman mai laifi ba ya tsayuwa sai manaja ya riƙe shi da gaske. Amma taƙaitawar ba ta kare kowa. Manajan da aka ce wa "an samu matsala, an gyara" zai ci gaba da zaton yana da ajiya biyar.

Idan kai ne manajan da irin wannan rahoto ya zo teburinka, kada ka fara da tambayar wane ne. Tambayi ranar ƙarshe da aka ɗauko ajiyar ko-ta-kwana aka dawo da ita a kan wata saba aka ga tana aiki, awa nawa aikin ya ci, kuma sunan wa ke rubuce a gaban wannan aiki. Idan babu rana ko babu suna, ka mayar da rahoton a cike gurbin kafin ka sa hannu.